Farashin Dalar Wata Shida: Lissafi Ne, Ba Duba Ba

Kwanakin baya wani Alhaji da muka daɗe da sanin juna, mai shigo da kayan gyaran injinan niƙa, ya kira ni da daddare, muryarsa ɗauke da damuwa. Ya yi odar kaya na dala 100,000, kuma an ba shi wata shida ya biya. Da ya je bankinsa yana neman a tsayar masa da farashin dalar tun yanzu, sai aka ce masa dalar da ake sayarwa yau a kan naira 1,500 za a ba shi ita a kan 1,625 idan wa'adin ya cika. Ya ce mini: "Malam, ka gani ko? Su ma banki sun san naira za ta sake faɗuwa. Ai ba za su rubuta wannan farashin a banza ba."

Na ce masa: "Alhaji, ma'aikacin da ya rubuta maka 1,625 bai fi ka sanin abin da zai faru nan da wata shida ba. Bai ma yi ƙoƙarin sani ba." Ya yi dariya, yana tsammanin ba'a nake yi.

Wannan fahimta ta Alhaji ta yaɗu ƙwarai, har a tsakanin akantoci da manajojin kamfanoni, kuma tana jawo asara. Wanda ya ɗauki farashin gaba a matsayin labarin gaibu zai firgita lokacin da babu dalilin firgita, ya kuma saki jiki lokacin da ya kamata ya yi hattara. Ra'ayina shi ne farashin gaba, wanda ma'aikatan banki ke kira fowad, lissafi ne na abin da riƙe kuɗi ke ci, kuma abubuwa uku da ake gani a yau ne ke tsayar da shi: farashin canji na yanzu, kuɗin ruwan naira, da kuɗin ruwan dala. Alƙaluman da zan yi misali da su na daidaita su don lissafin ya zo da sauƙi, amma hanyar ita ce wadda bankuna ke bi.

Buhun masara a Dawanau

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A ce lokacin kaka ne, ka je wurin mai hatsi a kasuwar Dawanau, ka ce kana so ya ba ka buhun masara guda a watan Yuni, amma ku yanke farashi yau. Idan mutumin mai hankali ne, ba zai tsaya yana hasashen yadda bazara za ta kasance ba. Hanya mafi aminci gare shi ita ce ya sayi buhun yau, ya kai sito, ya jira ka. Saboda haka lissafinsa zai zama kamar haka: buhu yau naira 40,000, hayar sito da maganin ƙwari da kuɗin mai gadi naira 2,000, jarin da ya ɗaure na tsawon watanni, wanda da ya juya shi ya samu riba, naira 4,000. Sai ya ce maka 46,000, ya ɗora ɗan abin da zai ci a kai.

Ko masara ta kai 70,000 a Yuni, ko ta faɗo 35,000, babu ruwansa. Buhunka yana sito tun ranar da kuka yi ciniki. Naira 46,000 ɗin nan ba ta faɗa maka komai game da damina mai zuwa ba. Ta faɗa maka kuɗin ajiye masara daga kaka zuwa bazara ne kawai.

Dala ma haka take, sai dai ta bambanta da masara ta fuska ɗaya. Masara a sito ci take yi, ba ta haihuwa. Dala kuwa ta fi kama da akuya mai ciki: wanda ya riƙe maka ita zai amfana da abin da ta haifa kafin ranar da zai miƙa maka, wato kuɗin ruwan da ake biya a kan ajiyar dala. Don haka a lissafin dala ana ɗora abin da riƙewa ya ci, sannan a cire abin da ta haifa.

Yadda banki ya kai ga 1,625

Yanzu mu zauna a kujerar ma'aikacin baitulmalin banki. Ya yi wa Alhaji alƙawarin dala 100,000 bayan wata shida, kuma ba ya son yin caca da kuɗin banki. A ce kuɗin ruwan naira kashi 20 cikin 100 ne a shekara, wato kashi 10 a wata shida. Na dala kuma kashi 4 a shekara, wato kashi 2 a wata shida.

Mataki na farko, zai tambayi kansa: dala nawa zan ajiye yau don ta cika 100,000 a ranar? Tunda ajiyar za ta ƙaru da kashi 2, ba ya bukatar 100,000 cif. Dala 98,039 ta isa.

Mataki na biyu, zai sayi wannan dala 98,039 a kasuwa yau a kan 1,500. Hakan zai ci naira miliyan 147 da dubu 59.

Mataki na uku, daga ina nairar za ta fito? Alhaji ba zai biya ba sai ranar da wa'adi ya cika. To, ko bankin ya ranto ta a kashi 10, ko ya ɗauko daga tasa wadda da ya saka a takardun bashin gwamnati na gajeren zango ya samu kashi 10 ɗin. Ko ta wace hanya, bayan wata shida wannan kuɗi ya zama naira miliyan 161 da dubu 765.

Ke nan dala 100,000 da za a miƙa wa Alhaji ta tsaya wa banki a kan naira miliyan 161 da dubu 765. Idan aka raba, kowace dala ta kama naira 1,617.65. Ragowar naira 7 da 'yan kwabbai da suka cika 1,625 su ne ladan banki da kuɗin kasadar da ya ɗauka cewa Alhaji zai iya kasa biya. A taƙaice ana rubuta lissafin haka:

```
F = S × (1 + r₦ × t) / (1 + r$ × t)
F = 1500 × 1.10 / 1.02 = 1617.65
```

A nan `S` farashin yau ne, `F` farashin gaba, `r₦` da `r$` kuɗin ruwan shekara na kowane kuɗi, `t` kuma tsawon wa'adin a ma'aunin shekara, wato rabi a misalinmu. Mai karatu ya duba da kyau: babu wani gurbi a cikin wannan lissafi da aka tanada don ra'ayin kowa game da farashin ɗanyen mai, ko zaɓe, ko kasafin kuɗi. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce kuɗin da ruwansa ya fi yawa shi ne yake yin ƙasa a farashin gaba, kuma yana yin ƙasa da kusan tazarar da ke tsakanin ruwan biyu. Masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya, John Maynard Keynes, ya fayyace wannan a wani littafi da ya fitar a 1923, lokacin da kuɗaɗen Turai ke tangal-tangal bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Me ya hana banki yanka farashin da ya ga dama?

Mai karatu na iya cewa, to wannan ai tsadar da abin ya tsaya wa banki ce. Me zai hana kasuwa ta kauce mata? Abin da ke hanawa shi ne duk wata kaucewa kuɗi ne zube a ƙasa, kuma akwai masu jiran su tsince shi.

A ce wani banki ya yi rangwame, yana sayar da dalar wata shida a kan 1,550. Mai wayo zai ranci dala 98,039, ya sayar da ita yau ya karɓi naira miliyan 147 da dubu 59, ya zuba a takardun gwamnati. A ranar kuma ya ƙulla da wancan banki cewa zai sayi dala 100,000 a kan 1,550. Bayan wata shida nairarsa ta zama miliyan 161 da dubu 765. Ya cire miliyan 155 ya karɓi dala, ya biya bashinsa da ruwansa, ya tashi da ribar naira miliyan 6 da dubu 765 ba tare da ya sa ko sisinsa ba, kuma ba tare da ya damu da inda farashin canji ya nufa ba.

Idan kuma farashin ya yi sama, a ce wani yana sayen dalar wata shida a kan 1,700, sai a juya dabarar. Mutum ya ranci naira miliyan 147 da dubu 59, ya sayi dala yau ya ajiye, ya ƙulla sayar da 100,000 a kan 1,700. Ranar biya ya karɓi miliyan 170, ya biya bashin miliyan 161 da dubu 765, ya soke fiye da miliyan 8 a aljihu.

Irin wannan garaɓasa ba ta kwana. Masu neman ta za su yi ta saye inda aka yi araha, suna sayarwa inda aka yi tsada, har farashin ya dawo kusa da 1,617. Na ce kusa, domin a zahiri ruwan da ake karɓa a kan rance ya fi wanda ake biya a kan ajiya, kuma farashin sayen dala ya bambanta da na sayarwa. Saboda haka abin da ake da shi ɗan fili ne mai iyaka biyu, kuma muddin farashi yana cikinsa babu ribar da za a tsinta. A kasuwannin manyan kuɗaɗe wannan fili siriri ne ƙwarai, ko da yake tun bayan rikicin kuɗi na 2008 an riƙa ganin 'yar tazara mai ɗorewa, saboda sababbin dokoki sun sa riƙe manyan basussuka ya yi wa bankuna tsada.

Abin da tarihin kwanan nan ya nuna

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren Alhaji, kuma bai kamata a raina ta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Idan kuɗin ruwan naira ya kai kashi 20, ai dalili shi ne hauhawar farashi ta yi yawa, masu kuɗi kuma suna tsoron darajar naira za ta zube, don haka suke neman a biya su da yawa kafin su riƙe ta. Ta wannan hanya tsammanin mutane yana shiga cikin kuɗin ruwa, daga nan ya shiga farashin gaba. Wannan gaskiya ne. A tsawon shekaru masu yawa kuma, kuɗin da hauhawar farashi ta addaba yakan rage daraja.

Amma ɗan kasuwa ba shekara ashirin yake tambaya a kai ba. Wata shida ko shekara ɗaya ce damuwarsa, kuma a irin wannan zango farashin gaba ya sha yin kuskure ta kowane ɓangare.

A watan Mayun 2023 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kashi 18.5, na Amurka yana ɗan sama da kashi 5, dala kuma a kasuwar hukuma tana wajen naira 465. Duk wanda ya yi lissafinmu da waɗannan alƙaluma zai samu dalar shekara ɗaya a wajen naira 525. A ranar 14 ga Yunin shekarar Babban Banki ya saki farashi, cikin 'yan makonni dala ta wuce 750, kuma zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Lissafin ya nuna ƙarin kashi 13, abin da ya auku kuwa ninki uku ne.

Sai kuma akasin haka. A ƙarshen 2024 ma'aunin Babban Banki ya kai kashi 27.5, na Amurka yana tsakanin 4.25 da 4.5, dala kuma tana ɗan sama da naira 1,500. Lissafi ya ba da dalar shekara ɗaya sama da 1,800. Shekarar 2025 ta zo ta ƙare dala tana ƙasa da 1,500. Wanda ya karanta 1,800 a matsayin gargaɗi, ya ruga ya tara dala, ya yi asarar ruwan nairar da ya bari, ya kuma yi asara a kan dalar kanta.

Kada a ɗauka wannan halin naira ne kaɗai. Tun daga 2022 kuɗin ruwan dala ya yi wa na yen ɗin Japan nisa, domin na Japan yana kusa da sifili. Bisa ƙa'idarmu, dala ce mai ruwa da yawa, saboda haka dala ce ke yin ƙasa a farashin gaba: Bajapane mai sayen dalar baɗi yana samun ta da araha fiye da ta yau. Wanda ya ɗauki hakan a matsayin hasashe zai ce dala za ta faɗi. Amma dalar da ta shiga 2022 a kan yen kusan 115 ta haura 160 a tsakiyar 2024. Masana sun daɗe da lura da wannan. Eugene Fama na Jami'ar Chicago ya nuna a 1984 cewa a tsakanin manyan kuɗaɗe, mai ruwa da yawa sau tari ba ya faɗuwa gwargwadon yadda farashin gaba ya nuna, wani lokaci ma tashi yake yi.

Inda lissafin ke karyewa

Duk bayanin da ya gabata ya rataya a kan sharuɗɗa biyu. Na farko, mutum yana iya sayen dala ko sayar da ita yau a kan farashin da aka rubuta a allo. Na biyu, wanda ya yi alƙawari zai cika. Najeriya ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan kowanne ya rushe.

Mu ɗauki na farko. Idan farashin hukuma 1,500 ne amma babu mai samun dala a kansa sai ya shiga layi, to ma'aikacin bankinmu ba zai iya yin mataki na biyu ba. Mai hatsin ba shi da inda zai sayi buhun da zai kai sito. A irin wannan hali masu zuba jari na waje sukan koma ga wata yarjejeniya da ake kira NDF, wadda ba a miƙa ainihin kuɗin biyu a cikinta. Ana yanke farashi, ranar wa'adi a duba farashin kasuwa, wanda lissafi ya hau kansa ya biya bambancin. A watan Yunin 2016 an buɗe makamanciyar wannan a cikin gida, a dandalin FMDQ, inda ake biyan bambancin da naira. Tunda babu mai iya tsintar garaɓasa ya dawo da farashi kan hanya, farashin irin wannan yarjejeniya yakan saki tazarar kuɗin ruwa ya bi tsoron mutane.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane cewa an shiga wannan yanayi: a juya lissafin baya. A ce farashin yau 1,500 ne, ruwan dala kashi 2 a wata shida, amma ana ƙulla dalar wata shida a kan 1,800. Raba 1,800 da 1,500, ka samu 1.2, ninka da 1.02, ka samu 1.224. Ma'ana farashin yana ɗauke da ruwan naira na kashi 22.4 a wata shida, kusan kashi 45 a shekara. Idan takardun gwamnati kashi 20 suke biya, to wannan rata tana faɗa maka ɗayan biyu: ko 1,500 ba farashin gaskiya ba ne, ko kuma masu kuɗi ba su yarda za a bar su su fita da dalarsu ba. A nan ne kaɗai farashin gaba yake zama labari, kuma labarin yana cikin ratar da ke tsakaninsa da lissafi.

Sharaɗi na biyu ya fi ciwo. A shekarun da dala ta yi ƙaranci, Babban Bankin Najeriya ya riƙa sayar wa bankuna da kamfanoni dala ta hanyar alƙawarin gaba a kan farashin hukuma. Wa'adi ya riƙa cika ba a miƙa dalar ba. Lokacin da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin a Satumban 2023, bashin da ya taru ya kai kimanin dala biliyan 7. An sa kamfanin Deloitte ya bincika, kuma a Fabrairun 2024 Cardoso ya bayyana cewa kimanin dala biliyan 2.4 daga ciki ba su inganta ba. A watan Maris bankin ya sanar cewa ya biya duk waɗanda ya amince da ingancinsu. Ƙungiyar masu masana'antu ta ci gaba da kokawa a kan ragowar, domin akwai kamfanonin da suka buɗe odar kaya bisa dogaro da dalar da aka yi musu alƙawari a kan ɗari huɗu da wani abu, suka wayi gari suna neman ta a kan fiye da dubu.

Darasin da nake ɗauka daga wannan na masu tsara manufa ne. Duk hukumar da ta sayar da dalar gaba a ƙasa da abin da lissafi na gaskiya ya bayar, tallafi take rabawa ba tare da ta rubuta shi a kasafi ba. Kowa zai so ya saya, babu mai son sayarwa, layi zai yi tsawo, masu hanya su riga masu bukata. Mai hatsin da ya karɓi oda alhali sitonsa babu komai, ranar da masara ta yi tsada ne za a gane shi. Alƙawari kaya ne, kuma a harkar canji nauyinsa yana ƙaruwa daidai lokacin da mai ɗauke da shi ya fi rauni.

To, me Alhaji zai yi?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwatanta 1,625 da 1,500 a ce kariyar ta ci naira 125 a kan kowace dala. Kwatancin bai daidaita ba, domin ɗaya kuɗin yau ne, ɗaya na bayan wata shida. A ce Alhaji yana da naira miliyan 147 a hannu. Hanyoyi uku ne a gabansa. Zai iya sayen dala yau ya ajiye. Zai iya barin nairar tana aiki, ya ƙulla farashin gaba. Waɗannan biyun kusan wuri ɗaya suke kai shi, bambancinsu ladan banki ne, wato kimanin naira 735,000 a kan dukan cinikin, kuma wannan ne ainihin kuɗin kariyar. Hanya ta uku ita ce ya bar nairar tana aiki, ya jira ya sayi dala ranar biya.

Ta ukun caca ce, kuma farashin gaba ne ke nuna inda layinta yake. Idan ranar ta zo dala tana 1,500, zai biya miliyan 150 daga cikin miliyan 161 da dubu 765, ya rage masa kusan miliyan 12. Idan ta zo tana 1,900, zai nemi miliyan 190, ya ciko fiye da miliyan 28 daga wani wuri. Tambayar da ta dace ya yi wa kansa ita ce: idan mummunan ya faru, kasuwancina zai ɗauka? Mutumin da ya riga ya yanke wa abokan cinikinsa farashin kaya da naira, ribarsa kuma ba ta wuce kashi 10 ba, ba shi da ƙarfin wannan caca, ko da sau bakwai cikin goma zai ci.

Kafin ya sa hannu kuma, akwai tambayoyi uku da zai yi wa bankin. Wane kuɗin ruwa aka yi lissafin da shi a kowane ɓangare? Da wannan zai sake lissafin da kansa ya ga girman ladan. Dala za a miƙa masa, ko bambanci za a biya shi da naira? Idan bambanci ne, neman dalar yana nan a wuyansa. Jinginar nawa zai ajiye, kuma za a nemi ƙari idan farashi ya juya masa baya? Kamfanoni da yawa sun shiga matsi ta wannan ƙofa, domin jinginar tana fita ne tun kafin kaya su iso a sayar.

Mai fitar da kaya yana ɗaya gefen teburin. Wanda zai karɓi dalar riɗi ko zoɓorodo bayan wata shida zai iya sayar da ita tun yau a sama da farashin yau, kuma wannan ƙari ba kyauta ba ce, diyyar jiran da zai yi ce. Haɗarinsa shi ne mai sayen kayan ya ƙi karɓa ko ya jinkirta biya, ranar wa'adi ta zo ba shi da dalar da ya yi alƙawari, sai ya saya a kasuwa ko nawa take.

Da yawa daga cikin masu karatu ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kuma mafi yawan malaman fiƙihu suna sharɗanta cewa musayar kuɗi da kuɗi ta kasance hannu da hannu, abin da ya sa ba su halatta wannan yarjejeniya a siffarta ta bankuna ba. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa sukan yi amfani da tsarin wa'adi, inda ɓangare ɗaya ke ɗaukar alƙawari, a ƙulla cinikin kansa sai ranar musaya. Hukuncin wannan na malamai ne. Abin da zan ƙara kawai shi ne farashin da ke fitowa ta wannan hanya ma ba ya yin nisa da lissafin da muka yi, domin jarin da aka ɗaure yana da tsada ko da wane suna aka kira ribarsa. Wanda kuma ya zaɓi ya sayi dalarsa yau ya ajiye, ya sani cewa ya biya kuɗin kariya shi ma, ta hanyar ribar da jarinsa bai juya ya kawo ba.

Alhaji dai ya koma bankin da takarda da alƙalami. Ya tambayi ruwan da aka yi amfani da shi, ya yi lissafinsa a gabansu, aka rage masa naira 3 a kan kowace dala. Ya ƙulla farashi a kan kashi biyu cikin uku na bashin, wato gwargwadon kayan da ya riga ya yi wa farashi, ya bar sauran. Da na tambaye shi ko yanzu ya san inda dala za ta kai, sai ya ce: "Malam, ban sani ba. Amma na san nawa zan biya."